Jagorar muryar kamfani: Yadda ake rubuta ta domin ma'aikata su yi magana da baki ɗaya

Jagorar muryar kamfani gajeriyar takarda ce da ke fayyace yadda kamfani, ko shago, ko wata ƙungiya ke magana da jama'a a rubuce. Tana faɗin yadda ake kiran mai karatu, da kalmomin da aka zaɓa, da waɗanda aka yi watsi da su, da yadda ake jera bayani a ƙarƙashin hoton da aka wallafa a Facebook, Instagram, WhatsApp da makamantansu. Ana bukatar ta ne daga ranar da mutum fiye da ɗaya ya fara rubutu da sunan kamfani guda. Muddin mai shago ne kaɗai ke riƙe da wayar, muryarsa ita ce muryar shagon, kuma babu abin da zai rubuta wa kansa. Da zarar an ɗauki mutum biyu ko uku suna karɓa-karɓa, kowa zai zo da bakinsa, har abokin ciniki ya fara shakkar ko shafin da yake gani yau shi ne wanda ya saya a wurinsa jiya.

Wannan shakka tana da tsada a kasuwancin intanet, domin mai saye yakan tura kuɗi kafin ya ga kaya, kuma ya san akwai shafukan bogi da ke kwaikwayon na gaskiya. Abin da yake dogara da shi ya haɗa da sabon da ya yi da yadda shagon ke magana. Idan salon ya sauya dare ɗaya, yana iya riƙe kuɗinsa.

Ginshiƙin aikin shi ne a gane cewa jagora mai amfani jerin hukunce-hukunce ce da aka riga aka yanke a wuraren da marubuta ke rarrabuwa, kowanne da misalinsa. Takardar da ta tsaya ga cewa "muryarmu mai fara'a ce, mai mutunci, mai gaskiya" ba ta hana kowa yin yadda ya saba, domin duk ma'aikaci yana ganin rubutunsa yana da fara'a da mutunci.

Bambancin murya da yanayi

Masu wannan sana'a suna raba abu biyu. Murya ita ce halin kamfani da ba ya canzawa, yanayi kuwa shi ne yadda muryar ke sassautowa ko ɗagawa gwargwadon abin da ake ciki. Kamfanin Mailchimp, wanda ya wallafa jagorar rubutunsa a fili kuma mutane da yawa ke koyi da ita, a kan wannan rabo ya gina ta. A al'adarmu ma abin ba baƙo ba ne: dattijon kirki mutum ɗaya ne a wurin ɗaurin aure da wurin ta'aziyya, ana gane maganarsa a duka biyun, amma ba ya yin barkwancin biki a zaman makoki.

Saboda haka jagora tana da aiki biyu. Ta kafa abubuwan da ba sa motsi ko da wa ya rubuta, sannan ta nuna yadda za a yi magana a wasu lokuta sanannu, kamar sanarwar sabon kaya, da ƙarin farashi, da ba da haƙuri, da gaisuwar Sallah.

Misalin shago mai marubuta uku

A ɗauki misalin shagon atamfa da shadda a Kasuwar Kantin Kwari da ke Kano, mai ma'aikata uku da ke wallafa hotuna. Na farko ɗan mai shagon ne, matashi da ya saba da hirar intanet. Ta biyu ma'aikaciya ce da ke amsa saƙonnin mata masu saye. Na uku tsohon yaron shago ne da ya daɗe a kasuwa. An ba su hoton atamfa iri ɗaya, ga abin da kowa zai iya rubutawa.

Na farko: "Sabon dizayin ya sauka, kwaliti na karshe, 28k kacal. Kayi mana magana ta inbos kafin ya kare."

Ta biyu: "Hajiyata, wannan taki ce! Wallahi sai kin fi kowa fita a wajen biki. Ki tambayi farashi."

Na uku: "Assalamu alaikum warahmatullah. Muna sanar da ɗaukacin abokan hulɗarmu cewa Allah cikin ikonSa Ya kawo mana sabbin kaya masu inganci. Sai kun zo."

Babu wanda ya yi laifi a cikinsu, kuma kowanne rubutu yana da masu son sa. Amma idan aka jera su za a ga sun saɓa a wurare biyar. Ɗaya yana magana da namiji, ɗaya da mace, ɗaya da jama'a. Ɗaya ya faɗi farashi a taƙaice, ɗaya ta ɓoye, ɗaya bai ambata ba. Ɗaya ya tsallake gaisuwa, ɗaya ya cika layin farko da ita. Ɗaya ta yi rantsuwa da alkawarin da shago ba zai iya cikawa ba. Ɗaya kuma ya bar haruffa masu lanƙwasa, har "ƙare" ta koma "kare". Waɗannan wurare biyar su ne ƙashin bayan jagorar wannan shago.

Mataki na farko: tattara abin da aka riga aka rubuta

Ba a fara jagora da zama a yi tunanin irin muryar da ake sha'awa. Ana farawa ne da kwaso rubuce-rubucen da shafin ya riga ya wallafa, kamar talatin ko arba'in daga watanni biyu ko uku da suka wuce, a tabbata na kowane ma'aikaci yana ciki. A zuba su wuri guda ba tare da hotunansu ba, domin kyan hoto yakan rufe raunin rubutu.

Sai mai shago da wanda zai rubuta jagorar su zauna su yi abu biyu. Da farko su ware guda biyar ko shida da mai shago zai ce "haka nake so a ji mu", da wasu biyar da ya ji ba su yi kama da shagonsa ba. Na biyu, su bi sauran layi-layi suna alama a duk inda abu guda ya zo ta fuska biyu: nan "kwastoma" can "abokin ciniki", nan "N28,000" can "dubu 28", nan "shuɗi" can "bulu". Wannan jerin saɓani shi ne zai nuna abin da ya kamata a yanke hukunci a kansa. Abin da dukkan ma'aikata ke yi iri ɗaya tun asali bai cancanci ko layi guda a cikin jagora ba, kuma barin sa a waje shi ne sirrin gajartarta.

Wa ake magana da shi?

Wannan shi ne hukunci mafi nauyi ga mai rubutu da Hausa, kuma jagororin da aka kwafo daga Turanci ba sa taɓa shi, domin kalma ɗaya Turanci ke da ita ga namiji da mace da jama'a. Hausa kuwa tana tilasta wa marubuci zaɓi a kowace jimla: "ka zo", "ki zo", "ku zo", ko "a zo".

Kowanne yana da abin da yake jawowa. "Ki" tana kawo kusanci, amma tana fitar da mazan da ke haɗa kayan lefe ko sayen kayan Sallah na iyali, waɗanda kuma masu saye ne da yawa a shagon atamfa. "Ka" tana fitar da mata. "Ku" tana ɗaukar kowa, kuma ita ce ta girmamawa ga babba ko da shi kaɗai ne. "A" ta fi kowacce ladabi da nisa, ta dace da sanarwa irin "a lura za mu rufe ranar Juma'a da ƙarfe 12", amma idan ta yi yawa sai rubutu ya koma kamar sanarwar ofis.

Shagon da ke cikin misalinmu zai fi samun sauƙi idan ya ce: a rubutun da kowa ke gani "ku" ake amfani da ita, a saƙon sirri kuma ana komawa "ka" ko "ki" bayan an san wanda ake magana da shi, tare da "Alhaji", "Hajiya", "Malam" ko "Malama" gwargwadon yadda mutumin ya gabatar da kansa. Haka nan a yanke yadda shago ke kiran kansa. "Mu" ake cewa kullum, ba a cewa "ni", ko da mutum ɗaya ne ke riƙe da wayar a ranar, domin "na kawo muku" yana sa mai saye ya ɗauka da wani mutum yake ciniki, gobe kuma ya nemi wannan mutumin.

Gaisuwa, addu'a da rantsuwa

Gaisuwa ginshiƙi ce a mu'amalar Bahaushe, amma bayanin hoto yana da ƙuntataccen wuri. Instagram yana karɓar rubutu har haruffa 2,200, sai dai layi ɗaya ko biyu na farko kawai yake nunawa kafin ya naɗe sauran, Facebook ma yakan naɗe dogon rubutu. Idan cikakkiyar sallama ta cinye wannan wuri, mai wucewa ba zai ga sunan kaya ko farashi ba. Mafita ita ce a raba: bayanin kaya ya fara da kayan kai tsaye, sallama kuma ta zauna a farkon saƙon sirri, da sanarwa ta musamman, da gaisuwar Juma'a ko ta Sallah.

Kalmomi irin "in sha Allah" da "Alhamdulillah" suna bukatar hukunci biyu, wato inda ake sa su da yadda ake rubuta su, domin ma'aikata uku za su iya rubuta kalma guda ta fuska uku. A zaɓi ɗaya a rubuta ta a jagora. Rantsuwa kuwa ya fi kyau a hana ta gaba ɗaya a tallan kaya. Ban da nauyinta na addini, mai saye ya daɗe da sanin cewa yawan rantsuwa a ciniki ba ya ƙara wa kaya inganci.

Wace irin Hausa?

Ma'aikata sukan fito daga wurare dabam-dabam, kowa da karin harshensa. Basakkwace zai iya rubuta "wanga" inda Bakano zai ce "wannan", wani kuma daga yankin da ba a cika bambance jinsi a magana ba zai rubuta "atamfa ne" a maimakon "atamfa ce". Babu karin da ya fi wani daraja, amma shafi ɗaya yana bukatar tsayawa a kan ɗaya. Mafi yawan masu sayarwa ga ƙasa baki ɗaya sukan zaɓi daidaitacciyar Hausa, irin ta jaridu da littattafan makaranta. Shagon da kasuwarsa ta tsaya a Sakkwato ko Maraɗi yana iya zaɓar karin garinsa da gangan, kuma hakan ma murya ce, in dai kowa zai bi.

Sai batun Ingausa. Hana aron kalma kwata-kwata ba ya yiwuwa, domin "leshi", "yadi" da "oda" sun riga sun zama na gida. Abin da ke aiki shi ne ɗan jeri mai gefe biyu, kalmomi goma zuwa goma sha biyar, na abin da ake cewa da abin da ba a cewa: "inganci" a maimakon "kwaliti", "zane" ko "samfuri" a maimakon "dizayin", "ku aiko mana da saƙo" a maimakon "ku yi mana magana ta inbos".

Sunayen launi sun fi komai bukatar shiga wannan jeri a shagon tufafi, domin a nan saɓanin kalma ke zama asarar kuɗi. Idan ɗaya ya kira launi "ruwan ƙasa", wani ya kira shi "ruwan goro", mai saye da ke Yola za ta yi oda da abin da ta fahimta, a aika mata da wani abu dabam, a dawo ana gardamar wanda zai biya kuɗin mota. Hoton waya ba ya raba wannan gardama, tun da haske yana sauya launi. Jagora ta ƙayyade sunayen launukan da shago ke amfani da su, a kuma manna ƙyallen kowanne a jikin kwali a ajiye a shago.

Daga ƙa'idojin rubutu, guda huɗu sun isa a sa a jagora, domin su ne aka fi saɓawa. A rubuta haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, saboda "yadi baƙi" da "yadi baki" ba abu ɗaya suke faɗa ba, kuma allon rubutu na Gboard yana da Hausa da ke ɗauke da su. A raba "za mu" da "shi ne". A haɗa "kuna" da "muna". A haɗa "kayanmu" da "shagonku". Ba a bukatar darasin nahawu, misalan kawai ake jerawa.

Farashi da adadi

Dole jagora ta amsa tambaya biyu: ana faɗin farashi a fili ko ba a faɗa, kuma yaya ake rubuta shi? Ɓoye farashi yana jawo tambaya iri ɗaya sau da yawa a ƙarƙashin hoto, kuma idan ma'aikata uku ke amsawa a ɓoye, ba wuya mutum biyu su sami farashi biyu. Shagon da farashinsa ke yawan motsi yana iya rubuta shi tare da ranar da aka sa shi.

A rubuta kuɗi da lambobi cikakku tare da sunan kuɗin, kamar N28,000, a kuma faɗi abin da kuɗin ya saya, turmi ne mai yadi shida ko yadi ɗaya. Wannan ya fi muhimmanci ga Kantin Kwari, wadda ke samun masu saye daga Nijar, Chadi da Kamaru. Kalmar "jaka" a bakin tsofaffin 'yan kasuwar Nijeriya Naira 200 ce, a Nijar kuwa sefa 1,000 ake nufi da ita, kuma a can "dala" sefa biyar ce. Lamba da sunan kuɗi ba sa barin irin wannan ruɗani.

Halaye uku, kowanne da iyakarsa

Bayan an gama da waɗannan hukunce-hukunce ne ake zuwa ga halayen murya, kuma uku sun isa. Hanyar da ke sa su yi aiki ita ce a ba kowane hali iyaka da misali biyu, na yadda ake so da na yadda ba a so. A shagonmu za su iya zama haka.

Fara'a, ban da zolaya. Ana cewa: "Masu shirin biki, ga taku ta iso." Ba a cewa: "Wadda ba ta saya ba ta zama 'yar kallo."

Sanin kaya, ban da kuri. Ana cewa: "Shadda ce mai kauri, tana riƙe guga." Ba a cewa: "Babu irinta a duk faɗin Kano."

Ladabi, ban da roƙo. Ana cewa: "Muna jiran saƙonku." Ba a cewa: "Don Allah ku taimaka ku saya."

Iyakar ita ce ke yin aikin. Kowa ya yarda da fara'a, amma sai an ce "ban da zolaya" ma'aikaci zai san inda zai ja birki. Misalan kuma gara a ciro su daga rubuce-rubucen shagon na gaskiya da aka tattara tun farko, ba tare da an ambaci wanda ya rubuta marar kyan ba.

Ginin bayanin hoto

Daidaiton murya yana samuwa da sauri idan jerin bayani ma ɗaya ne. Tsari mai layi huɗu ya wadatar da yawancin tallan kaya: layin farko sunan kaya da abu guda da ya bambanta shi, na biyu bayanin da mai saye ke bukata kamar launi da tsawo, na uku farashi, na huɗu abin da ake so ya yi. Idan aka bi wannan, hoton da mutum uku suka rubuta wa abu uku zai fito kamar haka:

"Sabuwar atamfa mai zanen ganye ta iso, ba ta da nauyi a jiki.
Akwai shuɗi, kore da ruwan goro. Turmi ɗaya yadi shida ne.
Farashi: N28,000.
Ku aiko mana da saƙo ta WhatsApp, muna aikawa ko'ina a Nijeriya."

A nan ne kuma ake ƙayyade ƙananan abubuwan da ke bambanta hannu da hannu: alamomin imoji nawa aka yarda da su kuma waɗanne, alamar motsin rai guda nawa, da kalmomi masu alamar # da ake sawa a ƙarshe. Lamba ake faɗa, kamar "imoji biyu, a ƙarshen layi kawai", domin "kada a cika" kowa da yadda yake auna ta.

Abin da ba a alkawartawa

Wani ɓangare na jagora yana kare shago ne daga bakin ma'aikatansa. Kalmomi irin "ba ya zuba", "na asali ne" da "gobe zai iso" alkawura ne, kuma mai saye zai riƙe hoton rubutun ya kawo shi ranar da aka saɓa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa game da kaya. Masu sayar da abinci, magani da kayan shafe-shafe suna da ƙarin ƙa'idojin NAFDAC a kan abin da za su iya da'awa a talla, hukumar ARCON kuma ita ke sa ido kan harkar talla gaba ɗaya. Jagora ta lissafa da'awar da ba a yi sai da izinin mai shago, ta kuma faɗi wanda ke amsa ƙorafi. Jimla ɗaya da aka shirya tun da wuri, kamar "Ku yi haƙuri da abin da ya faru, ku turo mana lambar odarku ta saƙo, za mu duba yau", ta fi abin da ma'aikaci zai rubuta cikin fushi.

Tsawon takardar da inda ake ajiye ta

Duk abin da aka lissafa ya kamata ya shiga shafi ɗaya, in ya yi yawa biyu. Ma'aunin shi ne ma'aikaci ya iya duba ta a waya yana tsaye a shago, ya sami amsa kafin ya gama rubuta bayanin hoto. Jerin da ya fi dacewa shi ne a fara da jimla ɗaya mai faɗin su wa ake yi wa magana, sai halaye uku da misalansu, sai hukunce-hukuncen kira da gaisuwa da farashi, sai jerin kalmomi, sai tsarin layi huɗu, sannan cikakkun misalai uku ko huɗu: sabon kaya, ƙarin farashi, ba da haƙuri da gaisuwar Sallah. Misalan nan su ne ma'aikata za su fi komawa gare su, don haka a ba su lokaci.

A ajiye kwafi ɗaya tak a inda kowa ke gani, kamar saƙon da aka maƙale a saman zauren WhatsApp na ma'aikata, a rubuta ranar da aka sabunta ta a kai. Mutum ɗaya ne ke da ikon gyara ta. Idan kowa yana da nasa kwafi, cikin 'yan watanni za a koma gidan jiya.

Yadda ake gane ko ta yi aiki

Akwai gwaji mai sauƙi. A ba ma'aikatan uku hotuna biyar iri ɗaya, kowa ya rubuta bayaninsu shi kaɗai yana duba jagorar. A haɗa rubutun goma sha biyar, a cire sunaye, a gauraya, a miƙa wa wani da ya san su duka amma bai ga lokacin rubutun ba. Idan ya iya cewa wannan na wane ne, wancan na wance ne, a tambaye shi abin da ya tona asirin. Amsarsa, ko "shi ne ke cewa kacal" ko "ita ce ke tara alamar motsin rai", ita ce layin da jagorar ta rasa. A ƙara shi, a sake gwajin bayan mako biyu.

Alamun lalacewa ma sanannu ne. Idan ma'aikata suna yawan tambayar mai shago "yaya zan rubuta wannan?", jagorar ta cika siffofi ta rasa misalai. Idan ba wanda ke buɗe ta, ta yi tsawo. Idan kuma duk rubutun shafin ya koma jimla ɗaya da ake sauya wa sunan kaya, an ɗaure marubuta fiye da kima. Maganin wannan na ƙarshe shi ne a bar layin farko a buɗe, kowa ya faɗi abin da ya gani a jikin kayan da kalmominsa, sauran layuka uku su zauna yadda aka tsara.

Iyakarta

Jagora tana daidaita yadda ake magana, ba ta gyara abin da ake faɗa. Idan farashin da aka ba ma'aikaci kuskure ne, zai rubuta kuskuren cikin kyakkyawar murya. Ba ta kuma hango kowane hali ba: ranar da gobara ta tashi a kasuwa ko aka yi rashi a gari, hukuncin ko za a wallafa talla ko za a dakata na mai shago ne, kuma ya kamata jagorar ta faɗi haka a layinta na ƙarshe. Ana sake duba ta duk lokacin da aka ɗauki sabon ma'aikaci, ko aka fara sayar da sabon nau'in kaya, ko aka buɗe shafi a wani dandali, sannan kafin azumi, lokacin da oda ke yawaita kuma hannayen da ke rubutu ke ƙaruwa.